Makero a kan ɗana ya ƙi jin magani

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Daga Nima nake, nan Accra. Ɗana mai shekara 6, bayan aski na ga wasu tabo fari-fari a kansa, zagaye, suna ɓarewa kamar amosani, gashin wurin ya kakkarye. A asibiti suka ce makero ne, wai man shafawa kaɗai ba ya kai wa cikin gashin, sai an sha griseofulvin sati 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo. Yana ta sha, na daina kai shi wurin mai askin unguwa, matajinsa daban. Tabon ya ragu, amma yanzu wuri ɗaya ya kumbura yana tsatsafo ruwa, ƙanwarsa kuma ta fara sosa kai. Kumburin nan daga makeron ne, ko wani ciwon ya shiga? Ita ma in kai ta a duba?