Channel na WhatsApp, me za mu kira shi da Hausa?

Sadik Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ƙungiyar samarin unguwarmu za ta ɗauke sanarwar rasuwa, suna da awure daga guruf ta maida su cikin abin nan da WhatsApp ke rubutawa Channel, kuma ni aka ɗora wa rubuta bayanin da za a karanta a masallaci ranar Juma'a. Matsalar ita ce in na ce sabon guruf na yi ƙarya don ba guruf ba ne, in na faɗi sunan da turanci kuma tsofaffinmu za su ɗauka gidan talabijin muka buɗe. Wace kalma ce za ta sa mutum ya gane tun daga jin ta cewa nan ba wurin hira ba ne?

Malam Awudu: Wa alaikumus salam. Ai ba sai an wahala ba Sadik, ƴan'uwanmu na Najeriya da yawa zaure suke ce wa guruf, to wannan sai ka ce zauren sanarwa. Bambancinsu ɗaya ne tak, a guruf kowa na magana, a wancan admin kaɗai ke magana sauran su saurara. Shi ke nan.

Faiza Adum: Allah gafarta Malam, rabin maganar haka take amma in bambancin ke nan da babu dalilin su Sadik su tashi daga inda suke, don guruf ɗin ma ana iya rufe bakin kowa, admin ya shiga Group permissions ya kashe Send messages shi ke nan shi kaɗai zai riƙa turawa. To amma ko an rufe, ka taɓa sunan guruf ɗin a sama ka gangara ƙasa, za ka ga jerin kowa da kowa da lambar wayarsa, wanda ka sani da wanda ba ka taɓa gani ba. Wannan jerin ne babu a Channel. Wanda ya danna Follow ba ya ganin sauran masu bi, su ma ba sa ganinsa, adadi kawai ake nunawa a sama cewa mutum kaza ke bi. Admin ɗin ma ba ya samun cikakkiyar lambarka sai in dama can yana da ita a ajiye a wayarsa, kai ma ba ka ganin tasa. Shi ya sa zaure bai zauna min ba, a zaure kowa na kallon fuskar kowa ne.

Hajiya Rabi: Ƴata kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Gurufmu na matan kasuwa wani ya shigo ta linki ba wanda ya lura da shi, bai taɓa cewa uffan ba, ashe lambobi yake kwasa. Rannan ya kira ni da azahar yana ta Hajiya Hajiya wai shi ne sabon sakatare, za a yi mitin ta waya da dare, an turo min lamba shida ta mesej in karanto masa ya sa sunana. Ina tsakiyar ciniki na karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗina ya fita daga hannuna, yana ta bin mutanena da sunana wai a tura masa sidi 500 ta MoMo zan biya gobe, har ƙanwata ta tura. To ni tambayata wannan sabon abin zai hana irin wannan?

Faiza Adum: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Zai toshe ƙofar da ya bi ya samu lambarki, don ko ya bi Channel ɗin ba jerin da zai kwasa. Amma ba zai hana shi samunta a wani guruf ba, kuma lamba shidan nan ita ce ta rajistar WhatsApp a sabuwar waya, ba sakataren da zai taɓa buƙatarta. Ki shiga Settings, Account, Two-step verification ki sa fin ɗinki, ko sun samu lamba shidan za a tambaye su fin.

Baba Issaka Asawase: Ni dai wannan abu na daɗe ina yi, in zan gayyaci mutane adu'a sai in zaɓi sunayensu in tura sau ɗaya ya je wa kowa, kuma suna ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ke ganin ta wani. Ku ce masa aike kawai.

Faiza Adum: Baba wannan naku daban ne, shi ne New broadcast. Ku kuke zaɓen mutane, ba ya wuce 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarku saƙon ke isa gare shi, amsa ta dawo muku kamar hira ta mutum biyu. A Channel ba a zuba mutum ciki, shi zai bi linki ko ya nemo sunan a Updates ya danna Follow da hannunsa, kuma ba a tsaya a 1,024 ba kamar guruf.

Sadik Aboabo: Yaya Faiza to maganar amsa fa, don nan ne dattawa za su tare ni. Yanzu in aka sa rasuwa mutum ɗari biyu kowa sai ya rubuta Allah ya jiƙansa, wasu su ƙara da sitika, har lokacin jana'iza ya ɓace a sama, wanda ya buɗe waya a makare ya yi ta ja yana neman ƙarfe nawa ne kuma a maƙabartar Tafo za a kai ko ina. Wannan ne ma ya kore mu. Amma kuma mutanenmu ba za su ji daɗi a ce an yi mutuwa ba su da bakin ta'aziyya ba.

Faiza Adum: Mai bi ba shi da wurin rubutu a ƙasa irin na guruf. Yawanci abin da zai iya shi ne ya danne saƙon ya sa emoji, ko ya zaɓi amsa in admin ya sa ƙuri'a, ko ya tura saƙon gaba ga wani. Kuma emojin ma ba irin na guruf ba ne. A guruf in ka taɓa shi sunaye ke fitowa, a san wane ya sa hannun addu'a wane ya yi kuskure ya sa dariya a kan mutuwa. A Channel jimla kawai masu bi ke gani, misali hannun addu'a 140, ba suna ko ɗaya. Ga mai jin kunya wannan sutura ce, amma ga iyalan mamaci da ke son su san wa ya yi musu gaisuwa ba ya biyan buƙata, gaskiya ke nan. Ni da ni ce zan riƙa sa lambar ɗan gidan rasuwar a ƙarshen sanarwa in sun yarda, kowa ya kira shi kai tsaye.

Abu biyu kuma da za ka faɗa a masallaci ko ka sha zagi. Ɗaya, in mutum ya bi Channel wayarsa ba za ta yi ƙara ba sai ya taɓa alamar ƙararrawa ya kunna, a kashe take zuwa, kuma saƙon ba ya shiga cikin hirarraki yana can Updates. Ga jana'izar da za a yi bayan awa uku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Biyu, a guruf kana iya danne saƙonka ka taɓa Info ka ga wa ya karanta, nan babu wannan, ba za ka iya ce wa mutum ai na ga ka gani ba.

Malam Awudu: To na ji, na janye zaure, a bar wa guruf abinsa. In haka ne mumbari ya fi dacewa. Liman na sama yana huɗuba, mamu ba sa tanka masa, iyakarsu amin.

Alhaji Tanko Nima: Malam da girmanka amma kar a kai mumbari wurin da masu sayar da atamfa da ƴan ƙwallo ma suke buɗewa. Mu nan Accra tasha nake ji yara na cewa, kamar tashar rediyo, ka kama ka saurara, ba ka san su wa ke saurare tare da kai ba, kuma ba wanda ya isa ya kama maka ita dole. Duk abin da Faiza ta lissafa yana ciki.

Hajiya Rabi: Alhaji a Kumasi ka ce wa tsohuwa ta je tasha ai Kejetia za ta nufa ta nemi mota 😂

Sadik Aboabo: Hajiya ta yi gaskiya wallahi. To in aka ce tashar shela fa? Shela kowa ya san ta, mai shela ya faɗa jama'a su ji. Sai in rubuta haka: mun buɗe tashar shela a WhatsApp, ba guruf ba ce, ba a hira a ciki, ba wanda zai ga lambarka, ka bi linki ka danna Follow sannan ka kunna ƙararrawa. Waɗanda ke ciki kuma in ce mabiya, in bar mamba ga ƴan guruf.

Munir Tech: Tashar shela ta yi, amma kar ku ce duk tasha ba a amsa. Ni Telegram na fi amfani da shi, can suna da wannan tun 2015, WhatsApp sai 2023 ya kawo nasa, kuma ina rubuta sharhi a ƙarƙashin saƙo kullum.

Faiza Adum: Kana yi Munir, amma ba a cikin tashar kake rubutawa ba. Mai ita ne ya haɗa ta da wani guruf ta Discussion, sharhinka can yake faɗawa, kuma da ka rubuta sunanka da hotonka sun fito kowa na iya taɓawa ya biyo ka, suturar ta tafi ke nan. In bai haɗa ba babu wurin sharhi. Sadik ƙarin abu ɗaya, saƙon guruf a kulle yake tsakanin mambobi har kamfanin ba ya karantawa, na tasha kuwa ba shi da wannan kullin, duk wanda ya samo ta zai karanta, sabon mabiyi ma zai ga na baya har kusan kwana 30. Don haka jerin wa ya ba da gudummawar sidi nawa, da maganar maras lafiyar da ake tara wa kuɗi, ku bar su a ƙaramin guruf na kwamiti.

Malam Awudu: Tashar shela na yarda, mabiya ma na yarda. Saura emojin nan da ake mannawa, na ga wasu na rubuta martani, ni ban yarda ba don martani magana ce, kuma mun gama cewa ba a magana a wurin. In ka ce wa mutum ka yi martani zai yi ta neman inda zai rubuta.

Baba Issaka Asawase: Dangwale. Da yatsa ake yi kuma ba a san wa ya yi ba.

Alhaji Tanko Nima: Baba in admin ya sa ƙuri'a fa, ita ma dangwalawa ake, sai su rikice. Ni alama zan ce, sa alama.

Hajiya Rabi: Ku dai ku yi ta yi, ni Sadik ka turo min linkin, kuma in ka zo kasuwa ka biyo rumfata ka kunna min ƙararrawar nan da fin ɗin da Faiza ta ce.