Kalma ɗaya a takardar LC ta hana ni barci

Salam 'yan uwa. Ina fassara wa maigidana takardar LC zuwa Hausa, wato takardar da bankin mai saye ke alkawarin biyan kuɗin kaya da ita, riɗi zai tura Turkiyya ta tashar jirgin ruwa ta Apapa. A wurin kaya an rubuta "about 100 metric tons", a wurin kuɗi "USD 150,000". Na fassara da "kimanin tan 100". Da jin haka Alhaji ya ce a loda 108 tunda akwai shi a sito. Za a biya mu kuwa?

Ɗan Agege: Kimanin ai kimanin ne. Amma ni a sanina kashi 5 cikin ɗari banki ke ɗaga ƙafa, don haka 105 ne iyakarku.

Baba Na Apapa: Ɗan Agege, ka kusa. Kashi 5 ɗin na kayan da ake aunawa ne idan ba a sa kalmar ba. Duba takardar, yaro, za ka ga tana bin UCP 600, dokokin da bankuna ke aiki da su tun 2007. Sashe na 30 ya ce "about" na nufin kashi 10 sama ko ƙasa. Ke nan daga tan 90 zuwa 110, nauyinku bai saɓa ba.

Matsalar tana wurin kuɗi. Kalmar abin da ta jingina da shi kaɗai take shafa, kuma a takardarku da nauyi ta jingina. Tan 108 a kan dala 1,500 kowane tan ya kama 162,000, alhali bankin mai saye 150,000 ya ɗauki alkawari. Ko dai su ce takardunku sun saɓa, ko su karɓa su biya 150,000 cif, Alhaji ya koma bin mai saye bashin dala 12,000 a waya. Banki takarda yake dubawa, ba ruwansa da buhunan da ke cikin kwantena.

Leƙa layi na 39A a takardar, inda ake rubuta sararin da aka ba kuɗi. In ka ga 10/10, an ba kuɗin ma sarari, ku loda. In ba komai, ko ku tsaya a 100, ko mai saye ya sa bankinsa ya aiko da gyara kafin kaya su hau jirgi. Fassararka kuma ka gyara ta: bar kalmar Turancin a wurinta, ka rubuta lissafin a ƙarƙashi. Wa zai ji "kimanin" ya san akwai iyaka?

Hajiya Mai Citta: Ɗana, ka kai kotu a buga mata hatimi, shi ke nan.

Ɗan Agege: Hajiya, ba banki za a kai wa fassarar ba, ta Alhaji ce ya gane. Banki na Turancin yake bi.

Hajiya Mai Citta: To ni "on or about" ce ta ci ni. Aka fassara min da "wajajen ranar", ashe kwana biyar kafin ranar zuwa biyar bayanta ake nufi. Muka loda a rana ta bakwai, sai da na rage farashi mai saye ya yafe.

Mai tambaya: Baba, na duba, babu 39A gaba ɗaya. Alhaji kuma ya ce mai sayen mutumin kirki ne, ba sai an gyara ba. Motoci gobe za su shigo.