An sallame ni take da kuɗin mako ɗaya: wa ya taɓa shiga irin wannan a Ingila?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Shekarata ɗaya da wata takwas ina aiki a wani rumbun ajiye kaya a Bamingam. Ranar 14 ga Maris 2025 manaja ya kira ni, ya ce aikina ya yi sanyi, kada in dawo. Ba gargaɗi, ba zaman jin ta bakina. Sun biya ni fam 480, albashin mako ɗaya, a takardar an rubuta PILON, wato biyan kuɗi a madadin notis. Amma kwantiragina ya ce notis na mako huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Zan iya ƙarar su kan korar rashin adalci?

Baban Ummi: Allah ya musanya miki da mafi alheri. Ni dai da aka rage mu a Kano, shekarata shida, wata ɗaya aka biya ni, lauya ya ce haka dokar ƙwadago ta tanada ga wanda ya kai shekara biyar. Ke da ba ki kai biyu ba ai mako ɗaya ne. Ki yi haƙuri.

Anti Lauya: Malam, dokar Najeriya ka kawo, ita kuma a Ingila take. A nan ma mafi ƙarancin da dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ba wanda bai kai shekara biyu ba mako ɗaya ne, amma wannan ƙasan ma'auni ne. In kwantiragi ya fi shi, kwantiragin ake bi.

Ƙanwata, ƙara iri biyu ce, mutane na cakuɗa su. Korar rashin adalci tana duba dalilin korar da hanyar da aka bi: an gargaɗe ki, an saurare ki? Sai dai a korar da aka yi miki, sai mai cikakkiyar shekara biyu ne zai shiga ta wannan ƙofa, in ba don juna biyu aka kore shi ba, ko don tona wani laifi, ko makamancin haka. Ɗayar kuwa kora ce da ta saɓa kwantiragi. Ba ruwanta da tsawon aiki, ba ruwanta da ko an kyauta miki. Tambayarta ɗaya: an ba ki abin da aka yi alkawari? Mako huɗu fam 1,920 ke nan, sun ba ki 480, saura 1,440 kafin haraji. Wannan haƙƙinki ne.

Maman Hanif: Anti, wato wulaƙancin da aka yi mini ba shi da diyya ke nan?

Anti Lauya: A wannan ƙarar babu, kuma na san da ciwo. Kuɗin notis kawai take dawo da shi. Amma ki duba kwanakin hutunki da ba ki ci ba, su daban ake biya, kada a ce suna cikin 480 ɗin. Sannan ki karanta sakin da ya yi maganar biyan kuɗi a madadin notis. In yana nan kuma ya ce albashin tushe kaɗai, to shi ke nan. In babu shi, kina iya neman duk abin da za ki samu da kin yi makonnin, har da kason fansho da suke zuba miki.

Ɗan Damagaram: Nawa ya bambanta. Direba nake, shekara bakwai, suka ce na saci mai, suka kore ni ba ko sisi. Mako bakwai ya kamata su ba ni. Mai ba ni shawara ya ce a ƙarar rashin adalci ya ishe su su nuna sun yi bincike kuma zarginsu na da tushe, amma a ta notis sai sun tabbatar na yi satar. Ba su da hujja, muka sasanta ta ACAS, hukumar sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Har yau ban sani ba ko da na dage da na samu fiye.

Hajiya Talatu: Kar ku bari ta karɓi kuɗin fa! Ɗana ya karɓa, suka ce ya yafe komai.

Anti Lauya: Hajiya, karɓar kuɗin notis ba yafewa ba ne. Wataƙila ɗanki yarjejeniyar sulhu ya sa wa hannu, ita kuma ba ta ɗaure mutum sai ya samu shawarar lauya ko makamancinsa mai zaman kansa. Ki tambaye shi.

Maman Hanif, lokaci nake jiye miki. Wa'adin shigar da ƙara kan korar da aka yi miki wata uku ne a cire kwana ɗaya, wato 13 ga Yuni, kuma dole ki fara sanar da ACAS kafin kotun ma'aikata ta karɓi ƙara. Ki rubuta wa kamfanin yau, ki kawo sakin kwantiragin da lissafin.

Maman Hanif: Na gode, Anti. Na duba, sakin yana nan, ya ce albashin tushe. Amma kusan kullum ina yin ƙarin awa goma a mako, shin ba za su shiga lissafi ba? Zan turo miki hoton shafin in an yi isha'i.