Moter shida a jere, V6 ko hudu: wace zan ɗauka don hanyar Tanut?

Mai Albasa: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina so in sayi kat-kat ta ɗaukar kaya tsakanin Damagaram, Tanut da Agadas. An nuna mini uku: Land Cruiser mai moter 1HZ ta gazuwal mai silinda shida a jere, wata Land Cruiser mai V6 ta isansi, sai Hilux mai silinda huɗu. Bayana ba ya son jijjiga. Wace ta fi lafiya a hannu da jiki?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Alhaji. Shida ai shida ce, ko a jere ko V, duk ɗaya. Ka ɗauki V6, ko kunne ka kasa da ƙyar za ka ji tana aiki. Mai huɗun kam ka manta da ita.

Baba Makanike: Ɗan Birni, ka faɗi rabin gaskiya. Inda suka yi daidai shi ne wajen tashin wuta: a shida, bilbirikin na samun bugu duk digiri 120, a huɗu kuwa sai duk digiri 180, shi ya sa ƙarfin shida ke zuwa a sulale. Amma wajen nauyin fistan da ke kai da kawowa ba ɗaya suke ba. A 1HZ fistan na 1 da na 6 tare suke hawa, na 2 da na 5 tare, na 3 da na 4 tare. Rabin gaba da rabin baya suna kallon juna, duk abin da wannan ya tura wancan ya soke shi. Ba ta buƙatar wani ƙarfe na daban da zai daidaita ta. V6 kuwa moter biyu ce mai silinda uku-uku aka haɗa, kuma layin uku yana da halin rinjaya gaba da baya. Ana rage wannan da nauyin da ake ɗora wa bilbirikin da kuma buɗa V ɗin digiri 60, amma ragewa ce, ba kawarwa ba.

Ɗan Birni: To Baba, me ya sa in na tsaya kusa da 1HZ nake jin ƙasa na motsi, V6 kuwa shiru?

Baba Makanike: Gazuwal kake ji, ɗana, ba jeren silinda ba. Moter gazuwal tana matse iska fiye da ta isansi sosai, bugunta na da ƙarfi, musamman a ralanti. Ka hau hanya ka riƙe ta a gudu ɗaya, ka aza hannu a kan sandar bites, sannan ka yi hukunci.

Direban Tanut: Na shaidi Baba. Da 1HZ nake aiki, daga nan har Adarbisanat hannuna ba ya mutuwa a kan sitiyari. Amma Alhaji ka sani ba ta da saurin tashi. Lita 4.2 ce, dokinta wajen 130 kawai. In ka yi mata lodi har sama, V6 za ta wuce ka ta bar ka da ƙura. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne kowane garaji a hanyar nan ya san cikinta, kuma kayanta ba sa wuya.

Mai Albasa: Baba, ita mai huɗun fa? Na ga fistan biyu na hawa biyu na sauka, ai ya kamata su soke juna.

Baba Makanike: Tambaya mai kyau, Alhaji. Da fistan na tafiya da gudu ɗaya sama da ƙasa, da sun soke juna tas. Biyel ce ke ɓata lissafin, don tana karkata gefe. A ɗauka fistan na tafiyar santimita 10, biyel kuma tsawonta santimita 15. In bilbirikin ya juya digiri 90 daga sama, za ka zaci fistan ya sauko santimita 5. A'a, ya sauko kusan 5.9. A digiri 90 na gaba saura 4.1 kawai ya yi. Ke nan fistan ya fi gaggawa a rabin sama. Biyun da ke sama suna fizga fiye da yadda biyun ƙasa ke mayarwa, sai a samu ragowar da ke girgiza moter sama da ƙasa sau biyu a kowane juyi. In allura na kan 3000, girgiza 6000 ke nan a minti, wato 100 a daƙiƙa. Shi ne zirin nan da kake ji a tafin ƙafa, kana ganin madubi na rawa. Yana ƙaruwa da gudun moter da kuma girman fistan. Saboda haka manyan masu huɗu irin 1KZ mai lita 3 ake sa musu sanduna biyu, kowace da nauyi a gefenta ɗaya, suna juyawa ninki biyu na gudun bilbirikin, ɗaya dama ɗaya hagu, don su cinye girgizar. Ka duba wace moter ce a Hilux ɗin kafin ka yanke.

Hajiya Mariyama: Sannunku. Tunda ana maganar jijjiga, tawa Camry V6 ce, in na tsaya a danja har kujera rawa take, in na taka sai ta daina. An ce in kai a daidaita tayoyi.

Direban Tanut: Hajiya, mota na tsaye taya ba ya juyawa, kada ki ɓata kuɗinki a can.

Baba Makanike: Gaskiyarsa. Jijjigar da ke zuwa a tsaye ta tafi da an taka, ba halin V6 ba ne. Ko robobin da moter ke zaune a kai sun tsage, ko silinda ɗaya ba ya cin wuta. A buɗe kapo, a taka birki sosai, a sa bites gaba sannan baya. In moter ta ɗaga ta faɗi, roba ce. In ba ta ɗaga ba a duba buji da bobin. Kuma Hajiya ki tsaya a kai a canza duka shida. A Camry an kwantar da moter a gicciye, buji uku na baya suna ɓoye ƙarƙashin bututun iska, yara da yawa na gaba kawai suke canzawa.

Ɗan Birni: To in haka ne me ya sa ake yin V6 ɗin?

Baba Makanike: Wuri. Shida a jere doguwa ce, tana son dogon hanci irin na Land Cruiser. V6 tsawonta bai wuce na mai huɗu ba, tana shiga inda waccan ba za ta shiga ba. Kuɗin da ake biya shi ne kulas biyu da jowan biyu. Ranar da ta yi zafi a rairayi, aikin ninki ne.

Malamin Lise: Ba wanda ya ambaci Subaru. Silindanta a kwance suke, biyu dama biyu hagu, fistan da ke fuskantar juna suna fita tare su koma tare. Ragowar nan da Baba ya lissafa ba ta taso ba, sai ɗan murɗawa kaɗan don ba a saiti ɗaya suke ba. Nauyin kuma yana ƙasa, mota ba ta tangaɗi a kwana. Tsohuwar Volkswagen mai moter a baya ma haka take.

Direban Tanut: Malam, a kan kwalta na yarda. Amma faɗinta ya cika kapo, buji na manne da bangon mota, kuma ina za ka samu jowan kulas ɗinta a Tanut?

Malamin Lise: Ana kawowa daga Kano. Ni tambayar laushi na amsa.

Mai Albasa: Na gode muku. Zuciyata ta karkata ga 1HZ, amma maganar rashin saurin nan ta tsaya mini, don albasa ba ta son kwana a hanya. Baba, in na karɓo Land Cruiser ɗin biyu ranar Asabar za ka raka ni mu gwada su a hanyar Mirriya?

Baba Makanike: In sha Allah, bayan azahar. Ka ce kada su tada su kafin mu zo, ina so in ji su da sanyi. Ka kuma tanadi buhuna, da lodi za mu gwada.