An cire mini kuɗi a banki, amma ba su shiga asusuna na shafin caca ba

Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren Juma'a na danna saka naira 15,000 a wani shafin betin, suka ba ni lambar asusu na ce zan tura. Netiwok ya riƙe ni, sai can daga baya tiransifa ta wuce. An cire mini 15,026.88, manhajar banki ta rubuta Successful, amma har yau Lahadi babu ko sisi a shafin. Masu shafin sun ce in tuntuɓi bankina, banki kuma sun ce kuɗi sun tafi. Ina zan dosa? Kuma mene ne wannan 26.88 ɗin?

Auwalu: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, za su dawo da kansu. Dokar Babban Bankin Najeriya ce, duk tiransifar da ta maƙale sai an mayar wa mai ita cikin awa 24. Ƙarshen mako ne ya ja abin, ka jira zuwa Litinin.

Malam Habu: Auwalu, dokar tana nan, amma ba ta hau kan wannan ba. Awa 24 ɗin ta tiransifar da ta faɗi ce, wato an cire kuɗi a wajen mai turawa amma bankin da aka tura wa bai karɓa ba. Tasa ba ta faɗi ba. Idan ya zauna jira, zai iya yin mako biyu babu abin da ya motsa.

Malam Sani, kuɗin da ka tura zango uku suke yi. Na farko daga bankinka zuwa bankin da ke riƙe da lambar asusun da aka ba ka, ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke haɗa tiransifa tsakanin bankunan Najeriya. Na biyu, wannan lambar ba ta masu shafin ba ce kai tsaye, ta kamfanin da ke karɓar musu kuɗi ce, irin su Paystack, Flutterwave ko Monnify. Na uku, kamfanin nan ya aika wa shafin saƙo cewa wane ya biya kaza, sannan shafin ya rubuta maka a asusunka. Successful ɗin da ka gani shaidar zangon farko ce kawai. Shi ya sa bankinka bai yi maka ƙarya ba da ya ce kuɗi sun tafi, kuma ma'aikacin shafin da ya duba allonsa bai ga komai ba shi ma gaskiyarsa ce. Kuɗin suna tsakiya.

Abin da nake zargi shi ne jinkirin nan da ka ambata. Lambar da ake ba mutum bayan ya danna Deposit yawanci ta wucin gadi ce, an ɗaure ta da adadi ɗaya da kuma wa'adi, galibi kamar minti 30, har agogo ake nuna maka yana ƙirgawa a ƙasa. Idan wa'adin ya cika, odar da ke jiran 15,000 ɗinka ta rufe. Wani lokaci bankin can yana ƙin karɓar kuɗin tun daga bakin ƙofa, su dawo nan take. Wani lokaci kuma ya karɓa, kuɗin su zauna a hannun kamfanin ba su da odar da za a manna su a kai. Haka abin yake faruwa ga wanda ya tura 14,950 maimakon 15,000, ko wanda ya ajiye tsohuwar lamba cikin jerin waɗanda yake tura wa kuɗi ya sake amfani da ita bayan mako.

Ga yadda za ka tabbatar. Buɗe rasit ɗin a manhajar banki, ba saƙon alat na tes ba, ka nemi Session ID. Lamba ce mai alƙaluma 30. Shidan farko na bankin da ya tura ne, sha biyun da ke biye kuma lokaci ne: shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa. Sai ka shiga tarihin saka kuɗi a shafin, ka ga lokacin da ka buɗe odar da ke nuna Pending ko Failed. Kwatanta lokutan biyu. Idan tazarar ta wuce wa'adin, ka gano ciwon.

Bilkisu: In ƙara a kan 26.88 ɗin. Cajin tiransifa ne na banki, masu shafin ba su ci ko kwabo a ciki ba. Daga naira 5,000 zuwa ƙasa ana cire 10, daga nan zuwa 50,000 ana cire 25, sama da haka 50, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. To 25 da harajinta shi ne 26.88. Idan da lambobin USSD ka tura, akwai wata 6.98 daban. Akwai kuma naira 50 ta harajin gwamnati a kan tiransifar da ta kai 10,000, wadda tun Disambar 2024 ta shafi su OPay da PalmPay ma, ba bankuna kaɗai ba.

Inda mutane ke cutar kansu: wasu shafukan kamfanin karɓar kuɗin yana ɗora nasa cajin a kan adadin, ka rubuta 15,000 allo ya nuna maka wani abu sama da haka. Mutum ya saba da zagayayyen adadi sai ya tura 15,000 cif. Abin da ke kan allo shi za ka kwafa, har da kwabbansa in akwai. Cajin bankinka kuma daga ragowar asusunka ake cirewa, kada ka rage shi daga abin da za ka tura.

Ɗanladi: Sunan da ke asusunka na shafin daidai yake da na BVN ɗinka? Idan akwai bambanci ko na harafi ɗaya ba za su sakar maka kuɗi ba. Ka tura musu katin shaida su gyara.

Bilkisu: Yaya Ɗanladi, wannan matsalar cire kuɗi ce, shi sakawa ya yi. Amma maganarka ta tuna mini wani abu: in dai ba daga asusunsa mai sunansa ya tura ba, misali mai POS ne ya tura masa, to ko an mayar da kuɗin wajen mai POS ɗin za su koma.

Sani: Daga asusuna na tura. Na duba kamar yadda Malam Habu ya ce. Odar 8:10 na dare ce, a Session ID kuma na ga 2052 a wajen awa da minti. Ke nan minti 42 ne tsakani.

Malam Habu: To shi ne. Yanzu ka bar hira da su a akwatin tattaunawa, ka rubuta musu ta imel ɗin da ke cikin shafin nasu, don ka sami abin da za ka nuna gobe. Saƙo ɗaya ya ƙunshi User ID ɗinka, adadin kuɗi, rana da lokaci, lambar asusun da ka tura wa da sunan bankinta, sunan da ya fito lokacin turawa, Session ID a rubuce yadda za su iya kwafa, da rasit ɗin banki. Ka faɗa musu kai tsaye cewa ka biya bayan wa'adin lambar ya ƙare, kana neman su bincika wajen kamfanin da ke karɓar musu kuɗi, su saka maka da hannu ko su sa a mayar maka. Ka nemi lambar ƙorafi. Wanda ya rubuta “na saka kuɗi ban gani ba” ya haɗa da hoton alat, amsar da ka samu ita zai samu, don babu abin da za a bincika da shi.

Gobe Litinin ka je bankinka ko ka kira su, kada ka ce a mayar maka da kuɗi, ba su da ikon janyo abin da wani banki ya riga ya karɓa. Ka ce su duba matsayin Session ID ɗin a NIBSS su tabbatar maka a rubuce cewa ya isa. Idan kuwa suka duba suka ga bai isa ba, to maganar Auwalu ta dawo, nauyin yana kansu. Ƙorafin da banki ya yi mako biyu bai warware ba, ana kai shi sashen kare masu mu'amala na Babban Banki.

Ka riƙa duba cikakken bayanin asusunka, ba alat kaɗai ba. Idan kamfanin ne ya mayar, kuɗin suna zuwa kamar sabuwar tiransifa da sunansa, 15,000 ba 15,026.88 ba, domin aikin da bankinka ya yi caji a kai ya riga ya yi shi.

Alhaji Tanko: Allah Ya fito maka da haƙƙinka, ɗana. Amma ka san hukuncin caca a addini, kuma a Kano Hisbah ta rufe shagunan betin a 2024. In sun dawo ta banki, ka bar su a can.

Mustafa Kumasi: Ga 'yan'uwanmu na nan Ghana masu MoMo, abin ya ɗan bambanta. Ka danna sakawa a shafin, sai tambayar amincewa ta fito a wayarka ka sa lambar sirri. Sau da yawa ba ta fitowa, mutum ya yi ta dannawa sau huɗu. A layin MTN ka buga `*170#`, ka shiga My Wallet, sannan My Approvals, za ka same su a jere. Guda ɗaya za ka amince da ita, in ka amince da biyu sau biyu za a cire. Shaidarka a nan ita ce Transaction ID da ke cikin saƙon MoMo. E-Levy kuma, wato harajin tura kuɗi ta waya, an soke shi a Afrilun 2025, don haka duk wanda ya ce harajin ne ya cinye wani ɓangare na kuɗinka, ka tambaye shi da kyau.

Bilkisu: A wajenmu masu biya ta cikin manhajar walat, inda ake zaɓar shafin a rubuta User ID, babu maganar wa'adi, amma akwai wadda ta fi ta ciwo. Alƙalami ɗaya ya kauce, kuɗin sun shiga asusun wani, kuma in ya riga ya buga wasa da su, dawo da su sai an sha wahala. A tsaya a karanta sunan da ya fito kafin a sa lambar sirri.

Malam Sani, kada ka je shafinsu na sada zumunta ka rubuta kukanka a fili tare da rasit. Kafin ka ankara wani mai hoton tambarin kamfanin zai biyo ka ta saƙon sirri, ya nemi OTP ko lambar katinka, ko ya ce ka tura 2,000 a buɗe maka kuɗin. Babu ma'aikacin gaskiya da ke buƙatar ko ɗaya cikin waɗannan don neman tiransifa.

Auwalu: Na karɓi gyara. To idan banki ya tabbatar kuɗi sun isa, masu shafin kuma suka yi shiru, wa za a kai wa ƙara?

Malam Habu: Nan ne ake ɗan shan wuya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024, kula da caca ya koma hannun jihohi, dokar tarayya ta tsaya a Abuja. Ya duba ƙasan shafin ya ga wace hukuma ce ta ba su lasisi, da yawa ta Jihar Legas ce, ya rubuta mata da lambar ƙorafinsa. Akwai kuma FCCPC mai karɓar koken masu sayayya.

Bilkisu: Ni da kamfanin karɓar kuɗin zan fara, tun kafin hukuma. Su ne kuɗin ke hannunsu, kuma da Session ID suna iya ganinsu.

Malam Habu: Yana iya gwadawa, amma sau da yawa sukan ce abokin hulɗarsu shi ne shafin, su mayar da kai can. Ya aika wa duka biyun a rana ɗaya, kowanne ya ga an sa ɗayan a cikin imel ɗin.

Sani: Na aika yanzu, sun ba ni lambar ƙorafi. Gobe da safe zan je banki. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri.