Neman taimako: me ya sa makullin SR na nuna min 0 da 0?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a nan Jos, ina aikin gwaji da guntun 7402 mai ƙofofin NOR guda huɗu, kuma na maƙale.

Abin da na gane shi ne: da'irar haɗaka, kamar ƙofar AND, abin da aka shigar mata yanzu kaɗai take bi. Mai bin jere kuwa tana tuna baya, domin abin da ya fita yana komawa ciki.

Na haɗa NOR biyu, fitar kowace ta shiga ɗayar, da wuta 5V; mashigai biyun da suka rage su ne S da R, mafita biyun kuma Q da Q', kowace da fitilarta. Na ba S 1, fitilar Q ta kama, na mayar da shi 0, ta ci gaba da ci. Wannan ya zauna min: Q' na kan 0, R ma 0, don haka ƙofar ta riƙe Q a 1, shi kuma Q ya danne Q' a 0. Juna suke riƙewa.

Matsalar tana zuwa idan na ba S da R 1 tare. Fitilun biyu suna mutuwa, alhali ya kamata su saɓa wa juna. Idan na sake su lokaci guda, wani lokaci Q ya dawo 1, wani lokaci 0. Shin ƙofar da ta fi sauri ce ke cin nasara, ko haɗina ne da matsala?

Sannan malaminmu ya ce wannan makulli ne kawai, sai an sa agogo ya zama filif-fulof irin na 7474. Yaya 7474 yake ɗaukar abin da ke mashigarsa ta D a daidai tashin bugun agogo, ya ƙi sauraron sauyin da ya biyo baya? Don Allah a warware min wannan, Allah ya saka da alheri.