Jimami, zullumi ko tagumi: wanne zai hau Mutaƙarab?

Ɗan Inna: Marsiyya nake tsarawa a karin Mutaƙarab, fa'ulun huɗu cif, amsa-amo "mi". "Baƙin ciki" ya ƙi zama ko'ina a baitin. Da me zan musanya shi?

Malam na Zaure:
Gajera a farko, biyun nan da nauyi,
Ka auna da kunne, ka ce min jimami.
Idan ka matsa mai ya zauna a baiti,
Ƙafa za ta karye, ka faɗa a rami.

Baiti na biyu da baƙin ciki yake, don ko ni na kasa saka sunansa a ciki. Ba-ƙin-ci-ki: gajera, doguwa, gajera, doguwa. Fa'ulun na neman dogaye biyu bayan gajera, sai "ci" ta faɗo daidai gurbin doguwa ta biyu. Gidansa Rajaz, ɗana. Ji-ma-mi kuwa fa'ulun ce sukutum, ga ta kuma da "mi" a wutsiya.

Gwanin Ƙofar Mata:
Ina ruwana da tsoho jimami,
Ga saurayi sabo fil, sunansa zullumi!

Yaya Asabe:
Ƙanena, da sanda ka aiko da baiti,
Yana ɗingishi, ga miyar taka lami.

Laifi biyu ka yi. Zul-lu-mi doguwa ce, gajera, doguwa, don haka ba za ta rufe layin da ke ƙarewa da cikakkiyar fa'ulun ba. Sai an datse ƙafar ƙarshe ta koma fa'al, kamar haka: "Dare ya yi nisa, ina zullumi." Nan "zul" ta cike ƙafa ta uku, "lumi" ta zama ta huɗu. Amma in Ɗan Inna ya zaɓi wannan, duk waƙar za ta bi, abokan amsa-amo su koma malami, jarumi, azzalumi, jimami kuma ya bar ƙarshen layi. Na biyu ya fi muni: zullumi na abin da bai faru ba ne, irin na mai jinya da ke kwana ido biyu. Wadda ake wa marsiyya ai an riga an kai ta.

Gwanin Ƙofar Mata:
A bar ni da gurgu, yana kai ni zango,
Idan tawa lami, ta Yaya da tsami.

Uwar Biyu: Kai! Wannan karon bai ɗingisa ba. Gwani ya rama, a ba shi hularsa.

Yaya Asabe: Sai da aka dungure shi ya miƙe. Ke kuma kullum kina bayan 'yan unguwarku.

Na Bakin Kasuwa: Ku tsaya, me ya hana takaici? Ko ƙunci? Duk da "i" suka ƙare, ni haka nake haɗa nawa, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Malam na Zaure: Gaɓar ƙarshe dungurungum ake amsawa, baƙi da wasali. "Ci" ba ta amsa "mi". Ta-kai-ci dai awonsu ɗaya da jimami, Ɗan Inna zai iya ajiye shi a tsakiyar layi. Sai dai a yi hattara. Takaici yana ɗauke da ɗacin wanda aka zalunta ya rasa yadda zai rama, ko wanda ɗa ya ba kunya. A waƙar mamaci mai sauraro zai ji kamar ana jayayya da hukuncin Allah, sai fa in da ciwon kake, ko da kanka da ba ka je gaisuwa da wuri ba.

Uwar Biyu:
Malam ka manta da ɗan autan gida,
Hannu a kunci, shi ne tagumi.

Yaya Asabe: Hoton ya yi kyau, ƙanwata, karin ne ya tafi kiwo. Ta-gu-mi gajeru biyu ne a jere sannan doguwa, farkon mutafa'ilun kenan. Ki kai shi Kamil ki ji: "Tagumi nake da dare ina tuna mai tuwo."

Gwanin Ƙofar Mata: Ni ban yarda ba. In an zo rerawa ana jan "ta" kaɗan ta cika gurbi. Mawaƙa na yi kullum, kunne bai ƙi ba.

Malam na Zaure: Ko ka ja "ta", abin da ka samu awon zullumi ne, ba fa'ulun ba. Sai ka ja "gu", kuma "taguumi" ba Hausa ba ce.

Gwanin Ƙofar Mata: To ai a datsattsen layin Yaya zai shiga, ko ba ja. Ƙafa ta uku ta zama fa'ulu, zihafi ne halastacce.

Yaya Asabe: Halastacce a littafi. Ka rera shi sau uku a jere ka dawo mu yi magana.

Ɗan Inna: Afuwan, sai yanzu na samu caji. Na ɗauki jimami. Alhini fa, ko a tsakiyar layi?

Malam na Zaure: Al-hi-ni dogaye uku ne a jere, Mutaƙarab kuwa ba ya wuce biyu sai gajera ta raba. Shi da ɓacin rai duk a ƙofa za su tsaya. In kana son ƙari a cikin layi, gwada kewa ko bege bayan gajerar gaɓa: "da kewa", "da bege".

Uwar Biyu: Gwani, muna jiran rerawar.